Yadda ake lissafin yiwuwar "aƙalla" wajen duba ingancin kaya: misali da ruwan leda

A masana'antar ruwan leda, abin da ya fi cin rai shi ne liƙi. Idan bakin injin bai ɗauki zafi yadda ya kamata ba, ledar takan fito kamar lafiya lau, sai an matsa ta a ga tana yoyo. Ba mai iya matsa kowace leda cikin dubban da inji ke zubowa, don haka sai a ɗebi kaɗan a gwada, a kafa doka: idan an samu masu yoyo adadi kaza ko fiye, a tsayar da inji. Tambayar ita ce, sau nawa wannan doka za ta tsayar da aiki alhali injin lafiyarsa ƙalau? Kuma sau nawa za ta kama shi idan da gaske ya lalace?

Ga misalin da za mu bi. A ce littafin masana'anta ya nuna cewa idan inji yana aiki yadda ya saba, leda 5 cikin 100 ke yoyo. Mai duba inganci yana ɗibar leda 20, adadin jaka guda ke nan, ya matsa su ɗaya bayan ɗaya. Dokarsa: idan aƙalla 3 suka yi yoyo, a kashe inji a duba. Alƙaluman na misali ne, kai sai ka sa na wurin aikinka.

Da farko, tabbatar cewa lissafin binomiyal ya dace

Lissafin binomiyal yana aiki ne idan adadin gwajin tsayayye ne, sakamakon kowane gwaji iri biyu ne kacal, yiwuwar ba ta canzawa daga gwaji zuwa gwaji, kuma wani gwaji ba ya shafar wani. Biyun farko ba matsala a nan: leda 20 ne, kuma kowace ko ta yi yoyo ko ba ta yi ba.

Sharaɗi na ƙarshe ne ake yawan takewa. Idan zafin bakin inji ya sauka na ɗan minti, ledojin da suka fito a lokacin tare za su lalace, kuma galibi jaka ɗaya za su shiga. Wanda ya ɗauki jaka guda ya farke ya gwada, lokaci guda kawai ya gwada, ba aikin injin gaba ɗaya ba. Shi ya sa nake ganin gara a tsinci ledojin 20 daga jakunkuna daban-daban, na lokuta daban-daban. Sannan abin da aka ɗiba kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na tarin kayan. Leda 20 daga cikin 2,000 ba laifi. Amma 20 daga cikin 50, kowace ka cire tana canza abin da ya rage, kuma amsar binomiyal za ta kauce.

Rubuta abin da kake da shi

Littattafan lissafi suna kiran abin da ake ƙirgawa "nasara". Kada sunan ya ruɗe ka, a nan nasarar ita ce leda mai yoyo, domin ita muke ƙirgawa. Saboda haka adadin ledojin da aka gwada n = 20, yiwuwar leda ta yi yoyo p = 0.05, yiwuwar leda mai kyau kuma 1 − p = 0.95. Harafin X shi ne adadin masu yoyo a cikin 20 ɗin, abin da muke nema kuwa P(X ≥ 3), wato yiwuwar X ta kai 3 ko fiye.

Juya tambayar

"Aƙalla 3" yana nufin 3, ko 4, ko 5, har zuwa 20. Wanda ya bi ta gaba, lissafi 18 zai yi ya tara. Amma X ba ta da wajen zuwa sai tsakanin 0 da 20, kuma idan aka haɗa yiwuwar duka, 1 ake samu cif. To idan ka san rabon 0 da 1 da 2, abin da ya rage kafin a cika 1 shi ne amsarka. Wannan ita ce ƙa'idar ciko:

```
P(X ≥ 3) = 1 − [P(0) + P(1) + P(2)]
```

Lissafi uku maimakon 18. Kafin ka taɓa kalkuleta, jera lambobin a takarda, 0, 1, 2, 3, 4, ka ja layi tsakanin 2 da 3. Na hannun dama su ake tambaya, na hagu su za ka ɗebe. Wannan ɗan layin yana hana kuskuren da ya fi kowanne yawa, za mu zo kansa.

Lissafa kowane ɗaya

Ga ƙa'idar samun masu yoyo k daidai:

```
P(k) = nCk × p^k × (1 − p)^(n − k)
```

Sashe uku ne. Na tsakiya yiwuwar ledoji k su yi yoyo, na ƙarshe yiwuwar sauran su fito lafiya, na farkon kuma, nCk, yana ƙirga hanyoyi nawa masu yoyon za su iya zama a cikin jerin. A kalkuletar ɗalibai maɓallin nCr ne ke bayar da shi.

P(0) ya fi sauƙi. Duka 20 lafiya, wato 0.95 a ninka shi da kansa har sau 20, wanda ake rubutawa 0.95^20, ya ba da 0.35849.

P(1): mai yoyon tana iya zama ta farko, ko ta biyu, har ta ashirin, hanyoyi 20 ke nan. Sai 20 × 0.05 × 0.95^19. Da yake 20 × 0.05 ɗaya ne, amsar ita ce 0.95^19 kanta, 0.37735.

P(2) ne ke buƙatar natsuwa. Hanyoyin zaɓar biyu daga 20 su ne 20 × 19 a raba biyu, wato 190. Ana rabawa biyu ne domin "ta 4 da ta 11" da "ta 11 da ta 4" abu ɗaya ne. Sai 0.05 × 0.05 = 0.0025, kuma 0.95^18 = 0.397214. Idan aka ninka 190 × 0.0025 × 0.397214 za a samu 0.18868.

```
0.35849 + 0.37735 + 0.18868 = 0.92452
1 − 0.92452 = 0.07548
```

Yiwuwar samun aƙalla 3 masu yoyo kusan 0.075 ce, wato kashi 7.5 cikin 100. Ka riƙe lambobi biyar bayan ɗigo har sai ka kai ƙarshe. Amsar ƙarama ce, idan ka taƙaita kowane sashe zuwa lamba biyu tun da wuri, 0.07 za ka samu, ka zubar da wani yanki nata a banza. Mai kwamfuta yana iya gwada amsarsa a Excel:

```
=1-BINOM.DIST(2,20,0.05,TRUE)
```

Lura cewa 2 aka rubuta a ciki, ba 3 ba. Kalmar TRUE ce ke sa ya tara daga 0 zuwa 2.

Inda ake zamewa, da yadda za ka gane

Kuskure na farko shi ne ɗebe 3 ɗin ma. Mutum ya ji "aƙalla 3", sai hannunsa ya tara har da P(3), wanda a nan 0.05958 ne, amsa ta fito 0.0159. Lissafin bai lalace ba, amma amsar wata tambaya ce daban, ta "fiye da 3". Bambancin ba ƙarami ba ne: 0.0755 ya kusa ninka 0.0159 sau biyar. Akasin "aƙalla 3" shi ne "2 ko ƙasa da haka". Akasin "fiye da 3" shi ne "3 ko ƙasa da haka". Idan dokar masana'anta ba ta fito fili ba, a tambayi wanda ya rubuta ta: leda uku daidai, a kashe inji ko a bar shi?

Na biyu, mantawa da sifili. Mun saba fara ƙirga daga ɗaya, sai P(0) ya faɗi a hanya, amsa ta zama 0.434. Akwai hanyar kama wannan cikin daƙiƙa. Ninka n da p: 20 × 0.05 = 1. A matsakaici leda ɗaya ake sa ran ta yi yoyo cikin 20. Idan ɗaya ce abin da aka saba gani, ba zai yiwu uku ko fiye su riƙa fitowa kusan rabin lokaci ba. Duk amsar da ta yi faɗa da np haka, a koma a duba.

Kuma ba kullum ciko ne gajeriyar hanya ba. Da an tambayi yiwuwar aƙalla 19 su fito lafiya, 19 da 20 kaɗai za a tara, wato P(1) da P(0) da muka riga muka samu, 0.73584. Ƙirga lambobin kowane gefen layinka, ka bi gefen da ya fi kaɗan.

Me lambar ke gaya wa mai masana'anta

Kashi 7.5 yana nufin kusan gwaji ɗaya cikin 13 zai sa a kashe injin da babu abin da ya same shi. Da jin haka kamar kaɗan ne. Amma a ce ana gwajin kowace awa, sau 8 a yini. Yiwuwar a yi tsayawar banza aƙalla sau ɗaya a yinin ita ma da ciko ake samo ta: 1 − 0.92452^8, kusan 0.466. Kusan rabin ranaku ke nan. Idan ma'aikata suka ga ana ta kashe inji ana dubawa ba a ganin komai, da sannu za su daina ɗaukar dokar da muhimmanci, kuma wannan ne abin da ya fi damuna game da dokar da aka kafa ba lissafi.

Sai a duba ɗaya gefen. A ce bakin injin ya lalace da gaske, yoyo ya hau zuwa 15 cikin 100. Matakan ba su canza ba, p ce kawai ta zama 0.15. P(0) = 0.03876, P(1) = 0.13680, P(2) = 0.22934, jimla 0.40490. A ɗebe daga 1, saura 0.5951. Ma'ana, ko da yoyo ya ninka sau uku, gwaji guda zai kama shi ne sau 6 cikin 10, sauran 4 kaya su wuce zuwa kasuwa.

Wani zai ce to a tsananta dokar, a mayar da ita aƙalla 2. A injin da ya lalace kamun zai hau zuwa 0.824, amma a lafiyayyen inji tsayawar banza za ta tashi daga 0.075 zuwa 0.264, fiye da gwaji ɗaya cikin huɗu. Matsar da layin yana gyara gefe ɗaya ne ya ɓata ɗaya. Wanda ke son rage duka biyun sai ya ƙara yawan ledojin da ake gwadawa, 40 ko 50, ya sake jan layinsa, ya yi lissafin sau biyu kamar yadda muka yi: sau ɗaya da p ta lafiyayyen inji, sau ɗaya da p ɗin da ba zai yarda kaya su fita da ita ba.