Matakan zaɓar inshorar da ta dace da ƙaramin shago

'Yan'uwa 'yan kasuwa a Sabon Gari da Tudun Wada na Zariya suna ta tambaya: gobara, ambaliya ko sata, wanne za a yi wa inshora? Ga matakan.

1. Rubuta kayan shagonka da kuɗin da ka saro su.

2. Ware asarar da aljihunka zai iya ɗauka. Fashewar gilashi ko ɓatan katan ɗaya ba sa buƙatar inshora.

3. Sa gobara a gaba. Shagon da ke manne da wasu, ga wayoyin lantarki a cakuɗe, ga janareto, ga iskar hunturu, dare ɗaya ya isa a rasa jari duka.

4. Tambayi maƙwabta ko ruwa ya taɓa shiga layin a watan Agusta. In kana kusa da rafin Kubanni ko kwata mai toshewa, nemi a ƙara ambaliya. Inshorar gobara kaɗai ba ta haɗa ta.

5. Duba nauyin kayanka. Mai wayoyi ko atamfa ya ƙara inshorar sata, mai siminti zai iya haƙura.

Hattara: galibi sai an ga alamar fasa ƙofa ko rufi ake biya. Abin da yaron shago ya ɗauke ba ya ciki.

6. Faɗi ainihin kuɗin kayan. In kayanka na naira miliyan 4 ne ka rubuta miliyan 2, wuta ta ci na miliyan 1, dubu 500 za a ba ka.

7. Tabbatar kamfanin yana da lasisin NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa. Mai gudun kuɗin ruwa ya nemi takaful, wato inshorar Musulunci.

8. Ajiye rasitai da hotunan kaya a gida, ba a shago ba.