Darasi na Bakwai: Takardar Rufe Shago don Ƙaramar Sallah

Mai shago yakan iya faɗa wa maƙwabta da baki cewa zai rufe. Amma mutumin ƙauye da ya biya kuɗin mashin ya shigo gari, takardar da ke jikin ƙofa ce kawai za ta yi masa bayani.

Babbar Sallah ba ta da wuyar rubutawa. Da an ga watan Zulhajji, kowa ya san ran 10 ga wata ce idi. Ƙaramar Sallah kuwa sai an yi hattara, domin azumi yakan yi 29 ko 30, kuma ba a tabbatarwa sai da dare, bayan Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya ba da sanarwar ganin wata daga Sakkwato. Saboda haka dole takardarka ta ɗauki ranakun biyu.

A ce mai shagon kayan masarufi ne a Talata Mafara, kuma azumi na 29 ya faɗo ran Lahadi. Yana son hutun kwana biyu. Ga abin da zai rubuta:

SANARWA
Assalamu alaikum. Za a rufe wannan shago kwana biyu don bikin Sallah.
In Sallah ta kama Litinin: a rufe Litinin da Talata, a buɗe Laraba.
In ta kama Talata: a rufe Talata da Laraba, a buɗe Alhamis.
Buɗewa da ƙarfe 8 na safe, in Allah ya yarda.
Mai ajiya ya zo ya karɓa kafin magaribar Lahadi.
Barka da Sallah.

Ku duba da kyau: ko yaya wata ya yi, shagon a rufe yake ran Talata, ranar da kasuwar garin ke ci. Ya kamata ya ja layi a ƙarƙashin Talata, don ran nan ne masu zuwa daga nesa suka fi yawa.

Kada ka rubuta "gobe" ko "jibi". Wanda ya karanta ran Asabar da wanda ya karanta ran Lahadi, kowa da goben da zai ɗauka. Haka ma "sai bayan Sallah": wani zai dawo washegarin idi, wani kuma sai mako ya zagayo. Kira rana da sunanta.

Yi rubutun da manyan baƙaƙe a kan farin kwali, ka liƙa tun azumi na 25, a wajen ƙofa. Wanda aka liƙa a ciki, da an ja ƙofa ya ɓace. Sai ka ja da baya taku biyar, in ba ka iya karantawa daga nan, ƙara wa baƙaƙen girma.

Aiki: Azumi na 29 ya faɗo ran Laraba, kana son hutun kwana uku. Rubuta takardarka, ka ba na kusa da kai ya karanta, ya faɗa maka ranar da za ka buɗe.