Darasi na Bakwai: Ta Wace Hanya Manhaja Za Ta Kawo Kuɗi?

Kafin mai manhaja ya zaɓi hanyar samun kuɗi, wajibi ne ya fara sanin abin da manhajar take ci a kowane wata, domin wannan adadin ne zai nuna hanyar da ta dace da shi. Za mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi daki-daki. Adadin masu amfani da na kashe-kashen da ke ciki ƙaddarawa ce don koyon lissafi.

Mu ƙaddara wani matashi a Sakkwato ya haɗa manhajar da ke nuna farashin buhun albasa kowace safiya a kasuwanni huɗu: Sakkwato, Achida, Goronyo da Illela. Yana biyan mutum guda a kowace kasuwa naira 20,000 a wata don ya aiko masa da farashi, sannan hayar wurin ajiye bayanai a intanet tana cin naira 20,000. Ke nan duk wata sai ya fitar da naira 100,000, ko an buɗe manhajar ko ba a buɗe ba.

Hanya ta farko, wato sayar da manhajar sau ɗaya, ba ta dace da shi ba, saboda kuɗin zai shigo sau guda, alhali masu tattara farashi suna jiran haƙƙinsu kowane ƙarshen wata. Wannan hanya ta fi dacewa da manhajar da aka gama aikinta, kamar ƙamus.

Talla ita ce ta fi jan hankalin sababbin masu manhaja, don haka za mu tsaya a kanta. Kamfanonin talla irin su AdMob sukan ƙiyasta kuɗin da ake samu ne bisa kowane nuni dubu ɗaya. Idan mutum 2,000 suna buɗe manhajar kullum, kowannensu yana ganin talla uku, an sami nuni 6,000 a rana, wato 180,000 a wata. Idan dubu ɗaya ta kawo naira 300, abin da zai shigo naira 54,000 ne, wanda da kaɗan ya wuce rabin abin da ake kashewa. Bayan haka AdMob ba ya turo kuɗi sai sun kai dala 100, don haka ana iya yin watanni ana jira. Akwai kuma abin da lissafi ba ya nunawa: talla tana cinye datar manomi, kuma idan mai manhaja bai shiga ya toshe tallan caca da na hotunan da ba su dace ba, dattijon da ya gan su sau ɗaya zai goge manhajar, ya kuma gargaɗi maƙwabtansa.

Biyan wata-wata ya fi kusa da bukatar wannan matashi, domin kuɗi yana shigowa a kan tsarin da yake fita. Manomi mai sayar da albasa sau biyu a shekara ba zai biya ba, amma ɗan kasuwar da ke loda mota zuwa Legas zai biya, tunda bambancin naira 2,000 a buhu babban kuɗi ne a wurinsa. Idan irinsa 200 suka biya naira 1,000, an tara 200,000. Google Play zai cire kashi 15 cikin ɗari, saura 170,000. Sai dai watan farko ba ya nuna gaskiya. A wata na biyu ake gane lafiyar manhaja, idan aka ƙirga waɗanda suka sake biya. In mutum 120 ne kawai suka sabunta, abin da ya rage naira 102,000 ne, da ƙyar ya rufe kashe-kashe. Dalilin raguwar yakan zama ƙarewar kakar albasa, ko katin banki da ya ƙi biya, ko kuma mutum ɗaya da ke biya yana tura farashin wa abokansa ta WhatsApp.

Hanya ta huɗu ita ce la'ada, wadda duk wanda ya san dillali ya santa: manhaja kyauta ce, amma ana cire wani abu a kan kowane ciniki. Rauninta shi ne da zarar mai saye da mai sayarwa sun karɓi lambar wayar juna, ciniki na biyu ba zai bi ta manhajar ba, sai fa idan ita ce ke riƙe kuɗi amana har kaya su isa, kuma wannan nauyi ne da ya fi ƙarfin mai farawa.

A ganina, wannan matashi ya bar farashin jiya kyauta ga kowa, ya sayar da na safiyar yau ga 'yan kasuwa ta biyan wata-wata, sannan ya sauƙaƙa wa wanda ya biya na wata uku a dunƙule, musamman gab da kaka.

Aikin gida: idan aka mayar da kuɗin wata naira 1,500, mutum nawa ne za su biya kafin a rufe naira 100,000 bayan an cire kashi 15 cikin ɗari?