Pirol da Piridin: ina aka aje lantarkin naitirojin?

'Yan uwa masu kemistiri a Legon, ga inda na sha ƙasa a jarrabawar bara. Kafin ka lissafa lantarkin 4n+2 don gane ko zobe aromatik ne, duba naitirojin ɗin tukuna. In yana da haɗi biyu-biyu cikin zoben, irin na piridin, to tagwayen lantarkinsa a waje suke, kar ka ƙirga su, shida ta riga ta cika. Amma pirol haɗi biyu-biyu guda biyu ne kawai, huɗu ke nan, dole naitirojin ya kawo nasa biyun su zama shida, shi ya sa da ƙyar yake karɓar H+, in ya karɓa a kan naitirojin aromatik ɗin ya rushe. Ni fa na ƙirga wa piridin takwas, na rubuta antiaromatik, malam ya ja min jan biro.