Kurakuran masu ƙananan masana'antu wajen karanta jadawalin bunƙasa da kaso

Wani ɗan uwana yana da 'yar masana'antar gyaɗa a Tudun Wada. Yana matsar mai, yana yin ƙuli-ƙuli, bara kuma ya ƙara da garin kunun gyaɗa na leda. Ya zana jadawalin nan mai gida huɗu na tantance kayan da ya dace a zuba wa jari, wanda Bruce Henderson na BCG, kamfanin ba da shawara kan kasuwanci, ya yaɗa a 1970, ya kawo mini na duba. Raina ya sosu, domin saura ƙiris ya ci bashi a kan karatun da ba daidai ba.

Tambaya biyu jadawalin yake yi. Kasuwar kayan tana girma da sauri? Kai ne kan gaba a cikinta? In duka amsoshin e ne, kayan tauraro ne, sai a ciyar da shi. In kai ne gaba amma kasuwa ta tsaya, saniyar tatsa ce. Kasuwa na gudu kana baya, alamar tambaya ke nan. In babu ko ɗaya, kare ake ce masa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne auna girma da naira. Cinikin mansa ya tashi daga miliyan 8 zuwa miliyan 10, sai ya sa shi a gidan tauraro, har ya fara cigiyar injin matsa na biyu. Na ce, Yaya, jarka nawa ka sayar? Muka buɗe littafi: 400 bara, 400 bana. Farashin jarka ne kawai ya tashi daga dubu 20 zuwa dubu 25. Ka riƙa ƙirga jarka, katan ko buhu. Kuma ko da jarkokinsa sun ƙaru, wannan girman cinikinsa ne, jadawalin kuwa girman kasuwar gaba ɗaya yake tambaya. Wannan ba ya cikin littafinka. Sai ka taka zuwa kasuwar Sabon Gari ka tambayi dillalai uku ko huɗu nawa suke saukewa a wata yanzu, nawa kuma a irin wannan watan bara. A al'ada kashi 10 cikin 100 a shekara ne iyakar da ke raba kasuwa mai sauri da mai nawa. Dillalan man suka ce kusan yadda yake bara haka yake.

Na biyu shi ne ma'anar kaso. Mutane kan ɗauka kason da kayan ke kawowa cikin kuɗin shigarsu ake nufi. A'a. Abin da ka sayar za ka raba da na babban abokin gogayyarka. Shi jarka 400, mai bi masa wajen 250, ya ba da 1.6. Duk abin da ya haura 1 kai ne gaba. Ashe man saniyar tatsa ce: a kula da injin, kada inganci ya faɗi, rarar kuma a kai ta wani wuri.

A nan sai a yi hattara da faɗin kasuwar da aka zaɓa. In ka gwada kanka da manyan kamfanonin Kano da Legas, duk kayanka za su fito karnuka. Kasuwarka ita ce inda kayanka ke iya kaiwa, inda mai saye ke ganin naka da na wani a kanta ɗaya.

Garin kunun yana sayar da katan 30 a wata a shagunan Samaru da Kongo, babban mai yi yana sayar da 120. Kasonsa 0.25 ne, masu shaguna kuma sun ce nema na ƙaruwa sosai. Alamar tambaya ce, kuma laifin da ake yi mata shi ne ɗan yayyafa mata kuɗi, ba ta mutu ba, ba ta tashi ba. Ko dai a zuba mata rarar man sosai, a gyara leda, a yi rajistar hukumar kula da abinci da magunguna, a samu mai rabawa, a kuma sa wa'adi, ko a haƙura. Kada a manta cinikin Samaru yana bin zangon karatun jami'a, watan hutu ba a gwada shi da watan karatu.

Sai ƙuli-ƙuli. Kasuwarsa a tsaye take, mata masu yi a gida sun fi shi sayarwa, don haka ya ja masa layi zai daina. Amma tunkuzar da ake yin sa da ita daga matsar man take fitowa, ko ya so ko ya ƙi. Jadawalin ba ya ganin irin wannan alaƙa. Kafin ka yar da kare, rubuta kuɗin da za su daina fita in ka daina: itace, leda, ladan masu suya. Haya ba za ta ragu ba. Sannan ka gwada ribar da ta rage da kuɗin da masu haɗa abincin kaji za su ba ka a kan tunkuzar. Da muka lissafa, ƙuli-ƙulin ya ɗan fi, sai ya bar shi yana tafiya ba tare da ƙara masa jari ba. Kuɗin injin na biyu kuwa ya karkatar da su zuwa garin kunu, ya ba garin wa'adin zango biyu ya kai katan 60 a wata.