Kurakuran da aka fi yi wajen bambance shafin kamfani da shafukan da ke kwafar bayanansa

Na gaji da ganin mutane a Sakkwato suna rubuta sunan otal, ko asibitin kuɗi, ko shagon kayan sola a Google, su taɓa abin da ya fara fitowa, su ɗauki lambar wayar da ke ciki a matsayin ta masu wurin. Sau da yawa abin da suka buɗe ba shafin kamfanin ba ne. Shafi ne na masu tattara sunayen wuraren kasuwanci, waɗanda ke kwaso suna da adireshi da lambar waya daga tsofaffin jeri da shafukan sada zumunta, su zuba su wuri guda domin su samu kuɗin talla. Ba dole ba ne su kasance mayaudara, amma yawancinsu ba sa komawa su tabbatar da abin da suka kwafa, kuma mai kasuwancin kansa yakan kasance bai san an sa shi a ciki ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne karanta babban rubutun da ke saman shafi a bar adireshin shafin. Sunan kamfani da tambarinsa kowa yana iya kwafarsu, amma adireshin da ke can saman manhajar bincike shi ne ke nuna mai gidan. A waya yakan fito a gajarce, don haka sai an taɓa shi kafin a ga cikakkensa. Ga misalai uku da na ƙirƙira:

```
sunankamfani.com.ng/contact
jerinkasuwanci.com/sokoto/sunankamfani
sunankamfani.jerinkasuwanci.com
```

Yadda nake karantawa shi ne, idan adireshin ya fara da `https://` sai in tsallake shi, in nemi alamar `/` ta farko, sannan in dubi sunan da ke manne da `.com` ko `.com.ng` ko `.ng` kafin wannan alamar. Wannan sunan shi ne mai shafin. A misali na farko kamfanin ne da kansa. A na biyu sunan kamfanin ya zo bayan alamar, wato shafi ɗaya ne cikin dubban da mai jerin ya ƙirƙira. Na ukun ya fi ruɗar da mutane domin sunan kamfanin ne a farko, alhali kuwa mai jerin ne ke riƙe da adireshin.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya fi ƙona mini rai, domin ya taɓa cin kuɗin gidanmu, wato tura kuɗi bisa lambar wayar da aka samo daga irin waɗannan shafuka. Mun haɗa kuɗi da ƙanena za mu sayi famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana domin gonar albasa a Wurno. Ya nemi wani shago da muka taɓa jin sunansa a cikin gari, ya samu shafi mai ɗauke da sunan shagon da hoton ƙofarsa da lambar waya, ya kira. Wanda ya ɗauka ya amsa da fara'a, ya faɗi farashi, ya ce a tura kafin alƙalami domin a ajiye kayan. Aka tura. Da ƙanena ya isa shagon, sai mai wurin ya dubi lambar ya ce, "Malam, wannan layin ai mun daɗe da barinsa." Abin da ya faru shi ne, kamfanonin waya suna karɓe layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba su sayar wa wani, shi kuwa shafin jerin yana nan da tsohuwar lambar. Sabon mai layin ya ga ana ta kiransa ana tambayar kayan sola, sai ya mayar da abin sana'a.

Abin takaicin shi ne alamun duk suna nan a fili. A ƙasan sunan shagon an rubuta "Claim this business", wanda ke nufin har lokacin masu shagon ba su karɓi ragamar shafin ba. A gefe akwai jerin wasu shagunan sola na Kano da Kaduna, kuma babu ɗan kasuwar da zai tallata abokan gasarsa a shafinsa. Sannan lokacin tura kuɗin, manhajar banki ta nuna sunan mai asusun kafin a danna amincewa, sunan wani mutum ne da bai da alaƙa da sunan shagon. Gaskiya ne ƙananan 'yan kasuwa da yawa suna karɓar kuɗi da asusun kansu, to amma wannan dalili ne na tsayawa a tambaya. Ina roƙon jama'a su daina gaggawa a wannan gaɓar! Kuɗin da ya fita ta hanyar tiransifa da yardar mai shi yana da wuyar dawowa. Ni dai tun daga lokacin ba na biyan ko sisi sai lambar ta zo mini ta hanya ta biyu da ba ta dogara da ta farko ba: allon da ke ƙofar shagon, ko tsohon rasit, ko wani da na aika ya tsaya a wurin ya kira ni.

Akwai masu ganin `https` ko alamar kwaɗo su ce shafin na gaskiya ne. Wannan yana nuna cewa an kare hanyar da saƙo ke bi tsakanin wayarka da shafin ne kawai, bai faɗi komai game da mai shi ba. Haka nan sakamakon da aka rubuta wa "Sponsored" talla ce da aka biya, ba shaidar asali ba. Idan kuma ka ga lambar Sakkwato da ta fara da 060, to ka sani tsohuwar lambar wayar tarho ce ta zamanin NITEL, kuma sauran bayanan shafin ma wataƙila sun kai ta tsufa.

Wani kuskuren shi ne ɗauka cewa dole kowane kasuwanci yana da shafinsa. Mafi yawan masu shaguna a babbar kasuwa da kan titin Ahmadu Bello ba su da shi, da WhatsApp da Facebook suke harkarsu. Idan aka nemi irin waɗannan, babu abin da zai fito sai shafukan jeri, don haka ci gaba da tonon "shafin asali" ɓata lokaci ne. Bayanin da ke fitowa a taswirar Google ma yana buƙatar lura, domin jama'a suna iya ƙara wuri ko ba da shawarar gyara.

Wasu kuma suna dogara da lambar rajista fiye da kima. Ana iya bincika sunan kamfani a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a ga ko lambar rajista ta RC ko BN da aka rubuta ta dace da sunan, kuma ina yin hakan duk lokacin da cinikin ya yi nauyi. Sai dai wannan yana tabbatar da cewa kamfanin yana da rajista ne, ba ya tabbatar da cewa shafin da ke gabanka nasa ne, tunda lambar ita ma ana kwafarta. Adireshin da ya ƙare da `.gov.ng` ko `.edu.ng` ya fi ba da natsuwa domin ba a ba kowa su, amma `.com` da `.com.ng` duk mai kuɗin rajista yana iya saye. Saboda haka, ko da adireshin ya yi kama da sunan kamfanin, nakan duba ko shi ne aka buga a kan rasit ko katin kasuwancinsu, harafi da harafi, sannan in duba ko adireshin imel ɗin da ke shafin ya ƙare da wannan sunan.