An fasa shagonka na haya a Birtaniya? Ga yadda ake rubuta wa kamfanin inshora

Idan ka zo da safe ka tarar an ɓalle ƙofar shago, kada ka fara shara ko gyara. Ɗauki hoton kwaɗon da aka karya da gilashin da ke ƙasa, sannan ka kira 'yan sanda a 101. 999 na lokacin da ɓarayin suke ciki ne. Ba kasafai 'yan sanda suke miƙa dogon rahoto nan take ba. Lamba suke bayarwa, wadda za ka gani a rubuce da sunan crime reference number, galibi ta imel ko saƙon waya. Saƙon nan shi za ka haɗa a matsayin shaidar 'yan sanda.

Tura wa kamfanin inshora imel a ranar, ko da ka riga ka buga musu waya, domin maganar baki ba ta barin shaida. Kan saƙon ya zama kamar haka:

```
Theft claim - policy no. [...] - crime ref. [...]
```

Fara da adireshin shagon, lokacin da ka kulle da lokacin da ka gano satar. Sai ka faɗi ta inda aka shiga. Nan ne 'yan'uwa suke sakaci, su rubuta "an yi mini sata" su wuce. Inshorar shago da dama ba ta biya sai da alamar an shiga da ƙarfi, don haka ka ce an banƙare ƙofar baya, an karya kwaɗo biyu, ga hoto. In yarjejeniyarku da kamfanin inshora ta ce a riƙa kunna ƙararrawa da dare, ka faɗi ko a kunne take.

Jerin kayan kuwa, kowane abu da layinsa: suna, adadi, kuɗin sari da rasit. Kuɗin sari nake nufi, ba wanda kake sayarwa ba. A ce wayoyi 6 aka kwashe, ka saro kowace a £180 kana sayarwa £240. Abin da za ka rubuta £1,080 ne. Idan kason asarar da yarjejeniyar inshora ta ce ka ɗauka da kanka £250 ne, £830 kamfanin zai biya ka. Sa lambar IMEI ta kowace waya. Rasit ɗin da ya ɓata, nemi kwafi wurin dillalin ko ka kawo takardar banki.

Kada ka ƙara ko caja ɗaya da ba a sata ba. A ƙarƙashin dokar inshora ta 2015, ƙarya a cikin buƙatar diyya tana iya sa a hana ka duka, har na gaskiyar, kuma wanda za su turo ya duba shagon yakan gwada jerinka da littafin ciniki.

Ƙofa da bango galibi suna kan inshorar mai gini, amma wata yarjejeniyar haya takan ɗora wa ɗan haya gilashin gaba. Duba taka, ka sanar da mai ginin a rubuce, ka kuma adana rasit ɗin kafintan da ya toshe ƙofar.